Katin 'yan ƙwallon hararmu: hotuna goma sha biyu sun ƙi zama ƙungiya ɗaya

Abu Yasir: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu ilimin zane. Gasar azumi ta matso, kuma yaran ƙungiyarmu ta nan harar Karantina, wato unguwarmu a Jidda, sun matsa mini in yi wa kowa kati irin na wasan ƙwallon bidiyo, wanda ake ganin ɗan wasa a cikin firam, da lambar ƙarfinsa a sama, da gudu da bugu da sauransu a ƙasa. Bayan haka a jera su duka goma sha biyu a allo ɗaya kamar wurin da ake zaɓen ɗan wasa. Firam ɗin na gama shi a manhajar gyaran hoto ta Photopea, kuma ya yi mini kyau. Hotunan ne suka ƙi. Na ce kowa ya turo nasa, to wani ya ɗauki kansa a mota, wani a mal'ab, wato filin ƙwallo, da dare fuskarsa ta yi kore-kore, wani kuma da farar riga ranar idi. Da na jera su sai ka rantse ba garinsu ɗaya ba. Kan wani ya cika katin, na wani kamar goro. Ta ina zan fara?

Ɗan Sabil: Wa alaikumus salam. Yaya, abin ba wuya. Ka mayar da su duka baƙi da fari, ko ka ɗora musu kala ɗaya a kai, shuɗi ko ruwan zinariya. Da zarar launi ya zama ɗaya, halas, sun daidaita.

Malama Ummu Hani: Ɗan Sabil ya kama rabin maganar, amma ya fara daga ƙarshe. Launi shi ne abu na uku. Aikina ke nan a wani shagon buga takardu nan Jidda, kuma abin da ido ke fara kamawa idan an jera fuskoki shi ne girman kai da inda idanu suka faɗo. Ka mayar da su baƙi da fari, kan wancan yana nan kamar goro.

Abu Yasir, faɗa mini girman katin naka tukuna, kuma bugawa za a yi ko a waya kawai za a gani?

Abu Yasir: Na yi shi 500 a 700. Kaftin yana so a buga wa kowa nasa, sannan babban allon a sa a status da Instagram.

Malama Ummu Hani: To sake shi tun yanzu kafin aiki ya yi nisa. Ka yi 750 a 1050. Dalili shi ne katin hannu irin na 'yan wasa inci biyu da rabi ne a inci uku da rabi, kuma bugu mai tsabta yana son ɗigo 300 a kowane inci. Idan ka lissafa, 750 a 1050 ke nan. Tunda za a yanka, sai ka ƙara milimita uku ta kowane gefe, wajen fiksil 35, fayil ɗin bugu ya zama 820 a 1120. Wannan ƙarin launin bango kawai zai shiga, kada rubutu ya kusance shi, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi.

Yanzu ga abin da zai haɗa maka su. Ka ja layuka uku na kwance a kan katin, irin waɗanda ake jawowa daga rula, su ba sa fita a hoto. Ɗaya na tsakar kai, ɗaya na idanu, ɗaya na haɓa. Misali tsakar kai a 160, idanu a 300, haɓa a 440. Ka ga kai ya zama fiksil 280 ke nan. Sai layi ɗaya na tsaye a tsakiyar wurin hoton, wanda zai bi ta karan hanci. Duk hoton da ka shigo da shi, ka ƙara ko ka rage shi har idanu su hau layinsu, haɓa ta hau nata. Da idanu da haɓa za ka auna, ban da gashi, don mai tulin suma zai wuce layin sama, mai ƙwal kuma zai tsaya a kai, wannan ba laifi. Kada ka kula da kafaɗu, firam zai yanke su inda ya yanke.

Baban Khalil: Ni ban gane ba, wasan bidiyon za ku ƙirƙira gaba ɗaya? Don akwai ɗan ƙanwata a Madina yana karanta kwamfuta, zan iya haɗa ku.

Abu Yasir: A'a Kawu, hoto ne kawai, kamannin na cikin wasan. Ba abin da zai motsa. Mun gode ƙwarai.

Baban Khalil: To madalla. Amma ku tuna akwai yara biyu a cikinku da ba su kai sha takwas ba, Khalil na ciki. Ni na yarda, amma ɗayan a tambayi mahaifinsa kafin a watsa hotonsa da sunansa.

Abu Yasir: Gaskiya ne Kawu, gobe bayan isha'i zan same shi in Allah ya yarda.

Malama, na gwada layukan. Bakwai sun zauna daram, har na ji daɗi. Amma na golanmu da na ja shi ya kai layi sai fuskar ta narke, kamar an shafa mata mai.

Malama Ummu Hani: Buɗe asalin hoton nasa ka auna daga haɓa zuwa tsakar kai, fiksil nawa ne?

Abu Yasir: Kamar 90. Daga hoton ƙungiya ya yanko kansa, kuma ta WhatsApp ya turo.

Malama Ummu Hani: To ga amsarka nan. Kana neman 280 daga 90, ka ninka shi sama da uku. Babu abin da manhajar za ta yi sai ta cike gurbin da ƙirƙira, shi ya sa ya narke. Ni dokata, hoton da zan ja fiye da ninki ɗaya da rabi ba na karɓarsa. A katinka, duk kan da bai kai 190 ba a asali, a sake nema. Ragewa kuwa ba ta ɓata komai.

Sannan WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba. Ka ce su danna alamar maƙala fayil su zaɓi Document, hoton zai zo da cikakken girmansa. Mai yiwuwa wanda ya ɗauki hoton ƙungiyar yana da babban a jawwal ɗinsa.

Gola Na Ɗaya: Ni ne mai fuskar da ta narke. Hoton na bara ne, wanda ya ɗauka ya koma Bort Sudan ya canza waya. Ba ni da wani sai na iƙama.

Ɗan Sabil: To a sa na iƙamar mana, ai fuska ce a miƙe.

Malama Ummu Hani: Ƙarami ne shi ma, kuma hasken filasha ne daga gaba, ya share duk inuwar fuska, ba zai zauna da na sauran ba. Abu Yasir, zan faɗa maka abin da nake ganin ba ka so ka ji. Gyaran hoto goma sha biyu masu haske daban-daban zai ci maka dare uku, kuma sakamakon dama-dama ne. Tara su ka sake ɗauka, minti arba'in ne.

Akwai abubuwan da gyara ba ya taɓawa. Wanda ya ɗauki kansa da hannu, wayar tana kusa da fuskarsa ƙwarai, sai hanci ya yi girma, kunnuwa su ɓuya. Kusancin ne ya jawo, kuma idan ka ajiye shi kusa da wanda aka ɗauka daga nesa, ko girman kai ya yi daidai za ka ji wani abu bai yi ba. Haka gefen da haske ya fito. Idan na wannan daga dama ne, na wancan daga hagu, ido zai san ba wuri ɗaya suke ba.

Ɗan Sabil: Wannan kam akwai magani, Flip Horizontal, ka juya hoton hasken ya koma ɗaya gefen.

Mai Lamba Takwas: Ni an taɓa yi mini haka a wata ƙungiya da na buga wa a Makka. Tambarin riga ya koma ƙirjin dama, rubutun Larabcin da ke gaba ya juye ba ya karantuwa, sai da aka buga fosta aka lura. Tabon da ke girata ma ya canza gefe, mahaifiyata ce ta fara gani.

Malama Ummu Hani: Shi ke nan. Juyawa tana aiki ne kawai idan riga ba rubutu ba tambari.

Ga yadda za ku ɗauka. Bayan la'asar, a inuwar gini, ba cikin rana ba kuma ba ƙarƙashin fitilun mal'ab ba. Ku nemi bango mai launi ɗaya, na siminti mai toka-toka ya fi. Ku guji farin bango, kuma wannan ya shafe mu musamman: kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta, idan ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskar mai baƙar fata ta nutse, idanu su ɓace. Abin da ya sami mai farar rigar idi ke nan. Ka ɗora yatsa a kan fuskar mutum na farko a allon waya ka riƙe har ta kulle haske da saiti, ka ɗan ƙara haske idan fuskar ta yi duhu, ka bar shi haka ga kowa. Idan kullewar ta sake, ka maimaita.

Ka manna salatif a ƙasa wuri biyu, inda ɗan wasa zai tsaya da inda kai za ka tsaya, tsakani kamar mita biyu da rabi zuwa uku. Shi kuma ya ba bango taku ɗaya don inuwarsa kada ta manne masa. Ka danna 2x ko 3x idan wayar tana da shi, ka riƙe ta daidai idon wanda kake ɗauka, dogo ka ɗaga, gajere ka sauke. Waya ɗaya, mutum ɗaya ya ɗauka, riga ɗaya, tsayuwa ɗaya. Idan rungume hannu ne kowa ya rungume. Kuma ku yi sauri, don hasken yamma yana sauya launi idan magariba ta kusa.

Abu Yasir: Goma zan iya tarawa ranar Juma'a. Biyu ba sa gari, ɗaya yana aiki a Yanbu, ɗaya ya tafi Riyad sai daren farko na gasa.

Malama Ummu Hani: Su biyun ka tura musu hoton ɗaya daga cikin goman, ka ce wani ya ɗauke su haka, a inuwa, daga nesa, hasken daga gefe ɗaya da naku. Sai ka gyara abin da ya saura. A nan ne maganar Ɗan Sabil ta launi take shigowa.

Hoton da ya yi kore ko rawaya, buɗe Levels, za ka ga 'yan alamun ɗiga guda uku, baƙi da toka da fari. Ɗauki na tsakiya ka taɓa wani abu a hoton da ka san ba shi da launi a zahiri, bangon siminti ko inuwar farar riga. Kada ka taɓa wurin da farin ya ƙone ƙal, babu bayanin launi a can. Koren zai janye. Daga nan ka ajiye shi gefe da gefe da hoto ɗaya da ka zaɓa ya zama ma'auni, ka daidaita haske. Amma ka ji ni da kyau: hasken wurin kake daidaitawa, ba fatar mutane ba. A cikinku akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, kowa ya fito da launinsa. Na ga masu zane suna haskaka kowa har ya koma toka-toka, abin yana ɓata mini rai, kuma mai hoton shi ma ba ya jin daɗi ko bai faɗa ba.

Launin bai-ɗaya kuma, a sa shi a leya guda a saman hoton, ƙarfinsa kada ya wuce kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari, kuma leyar nan ɗaya ce a duk katunan.

Mai Lamba Takwas: Cire bango fa? Ni a Canva nake yi amma sai mai biyan kuɗi yake samun maɓallin.

Malama Ummu Hani: Ko da me ka cire, ka duba bakin gashi da kafaɗa a kan bango mai duhu, nan aibin yake ɓuya. Za ka ga siririn zare na launin tsohon bango ya zagaye mutum, kore idan a fili aka ɗauka. Ka zaɓi mutumin, ka shiga Select, Modify, Contract ka sa 2, sannan Feather ka sa 1, ka yi abin rufewa da wannan zaɓin. Zaren zai tafi. Ƙasan hoton kuma kada ka bar shi a yanke kamar da almakashi, ka sa ya dushe a hankali ya shige bayan allon suna.

Kaftin: Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na karanta duka. Maganar hoto na bar muku. Abin da ke hana ni barci lambobin ne. Abu Yasir ya nuna mini gwaji, ya ba ni 88, ya ba ƙanina 71, yaron ya daina yi mini magana tun jiya. Wa zai ba da makin nan?

Abu Yasir: Kaftin, wallahi na cike gurbi ne kawai don in ga yadda rubutun zai zauna.

Ɗan Sabil: A bi na wasan kawai. PAC, SHO, PAS, DRI, DEF, PHY, a tara a raba shida, abin da ya fito shi ne na sama. Daga 75 zinariya, 65 zuwa 74 azurfa, ƙasa da haka tagulla. Lissafi ba ya son kai.

Mai Lamba Takwas: Rabon zinariya da azurfa haka yake, amma raba shidan nan ba haka wasan yake yi ba. Lambar sama tana bin wurin da mutum yake bugawa. Mu gwada da ɗan gabanmu. A ce gudu 84, bugu 80, fasin 68, yanka 78, tsaro 45, ƙarfi 70. Jimla 425, a raba shida 71 ke nan, an hukunta shi a kan tsaron da ba aikinsa ba ne. Amma a ce bugu ya ɗauki kashi 35, gudu 25, yanka 20, fasin 10, ƙarfi 10, tsaro ba komai: 28 da 21 da 15.6 da 6.8 da 7, ya ba da 78. Wannan rabon nawa ne, ba na kamfanin wasan ba, za mu iya sauya shi. Ɗan baya sai a juya, tsaro da ƙarfi su ɗauki kaso mafi tsoka.

Gola Na Ɗaya: Ni kuma a gwajin an rubuta mini yanka 40. Yaushe na taɓa yanka? Katin gola daban yake, DIV, HAN, KIC, REF, SPD, POS. A gyara mini don Allah.

Abu Yasir: Ka yi gaskiya, na manta sam. Zan yi maka naka.

Baban Khalil: Ni shawarata kada ɗan wasa ko ɗaya ya ba da maki. Ku samu mutum uku da suke kallonku kullum, koci da dattawa biyu, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, a ɗauki na tsakiya. Kuma ku cire tagullar nan. Yaron da ke zuwa atisaye da azumi a bakinsa ba za a miƙa masa katin da ke cewa shi ne na ƙarshe ba.

Kaftin: Kawu, na yarda da mutum uku. Amma idan kowa zinariya ne, ina daɗin abin? Yaran da kansu suke son gasar.

Malama Ummu Hani: Wannan ba fannina ba ne, amma ta fuskar zane akwai mafita ta uku. Launin firam ya bi wurin wasa maimakon maki: gola launi ɗaya, 'yan baya ɗaya, tsakiya ɗaya, gaba ɗaya. Siffar firam, kaurin layi, wurin lamba, duk ba sa canzawa, launi kaɗai. A babban allo ma ya fi kyau, don ido zai ga tsarin ƙungiyar nan take.

Kaftin: Zan kai wa yara su zaɓa. Ni dai har yanzu zinariyar ce a raina.

Mai Lamba Takwas: Me zai hana mu rubuta da Hausa? GUD, BUG, FAS, YAN, TSA, ƘAR. Sunaye kuma da Larabci tunda rabin masu kallo ba sa karanta boko.

Ɗan Sabil: Sunaye da Larabci na yarda, amma PAC da SHO kowane yaro a hara ya san su, idan aka canza ba zai yi kama da na wasan ba.

Malama Ummu Hani: Ku daidaita a kan wannan, ni dai ga tarkon da ke ciki. Yawancin salon rubutun nan masu kauri na wasanni ba su da Ƙ da Ɗ da Ɓ. Za ka rubuta ƘAR, sai Ƙ ta fito siririya da wani salo daban ko ta zama akwati. Kafin ka zaɓi salo, rubuta haruffan uku ka gani. Noto Sans yana da su. Na Larabci, Cairo ko Tajawal suna da kauri mai kyau kuma kyauta ne. Ka duba haruffan sun haɗe kuma sun fara daga dama, don wasu manhajojin suna wargaza su ɗaya-ɗaya. Kuma ka fara gwada suna mafi tsawo a ƙungiyar, girman da ya ɗauke shi shi ne na kowa.

Sai girman lambobi. A allon Instagram mai 1080 a 1350, kati huɗu a jere sau uku, kowane kati zai koma 250 a 350, kashi ɗaya cikin uku na girmansa. Lambar da ka rubuta da tsayin fiksil 36 za ta koma 12, ba mai karanta ta a waya. Ko ka kai ƙananan lambobin 60, ko a babban allo ka bar suna da wuri da lambar sama kaɗai, sauran shidan su zauna a katin mutum. Ni na biyun nake yi.

Ɗan Sabil: Jerawar kuma idan akwai ImageMagick a kwamfuta layi ɗaya ne, ba sai an ja da hannu ba:

```
magick montage kati_*.png -tile 4x3 -geometry 250x350+10+10 -background black allo.png
```

Zai fito 1080 a 1110, saura 240 na sunan ƙungiya a sama. A sa wa fayilolin suna kati_01.png, kati_02.png har kati_12.png don su bi tsari.

Malama Ummu Hani: Wannan daidai ne. Abu na ƙarshe, kafin a buga goma sha biyu a buga ɗaya. Takarda ba ta da hasken allo, hoto yana fitowa da duhu fiye da yadda ka gani, kuma fuskokinmu ne suke fara nutsewa. Ka kai na wanda ya fi kowa duhun fata, idan nasa ya fito da idanu da murmushi a bayyane, sauran za su fito.

Abu Yasir: Allah ya saka da alheri Malama, da ku duka. Juma'a ƙarfe biyar a bayan makarantar nan mai bangon siminti, kowa da koriyar riga. Gola, kai da baƙar taka da safar hannu.

Gola Na Ɗaya: Safar ta yage a babban yatsa. Wa zai ara mini tasa?

Kaftin: Akwai wata a motata. Abu Yasir, ka goge 71 ɗin nan kafin Juma'a.